Minti 58 a Ofishin Farfesa, Shafi Biyu a Hannuna

Ranar Laraba ce bayan azahar na fito daga ofishin Farfesa, kundina a hammata ya sha jan biro, wayata kuma na ɗauke da muryoyinmu na minti 58. A gindin matakala wata 'yar ajinmu ta tare ni, ta ce, "To, yaya? Me suka ce?" Na buɗe baki zan ba ta amsa, sai na ga ba ni da abin faɗa illa, "Sun ce akwai gyara." Kusan awa guda malamai biyu suna magana a kan aikina, ina gyaɗa kai ina "to, ranka ya daɗe", amma da aka tambaye ni, ko gyara uku ban iya jerawa ba.

Digiri na biyu nake yi a fannin tattalin arzikin noma. Bincikena a kan manoman wake ne a ƙananan hukumomin Bichi da Dawakin Tofa, ina neman sanin abin da ke sa wani manomi ya karɓi buhun PICS, wani kuma ya ƙi. Wanda bai san shi ba, buhu ne mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. In an ɗaure kowanne da kyau iska ba ta shiga, sai ƙwaron wake ya rasa numfashi ba tare da an zuba magani ba. Masu duba aikina biyu ne, Farfesa shi ne babba, sai Dakta, mace ce da ta ƙware a lissafin alƙaluma. Zaman wannan rana shi ne na farko da suka haɗu su biyu a kan cikakken kundin, babi biyar, kafin in shiga kare shi a gaban malaman sashe.

Naɗar maganar ba a ɓoye na yi ta ba. A zaman da ya gabata da biro na dogara, na koma gida da layi bakwai, biyu daga ciki ni kaina na kasa karanta su. Don haka wannan karon kafin a fara na ce, "Ranka ya daɗe, ko za a ba ni izini in naɗi maganar da waya, don kada wani abu ya kuɓuce mini?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Naɗa, amma ke kaɗai. Kada in ji muryata tana yawo a wayoyin 'yan ajinku." Dakta ma ta ce ba komai. Na ajiye wayar a kan tebur inda kowa ke ganin ta. Abin da ban lura da shi ba, na ajiye ta daidai ƙarƙashin fanka, kuma wannan ya zo ya ja mini wahala daga baya.

Da na isa gida, kafin in cire mayafi na kwashe muryar zuwa kwamfuta, don wayata ta taɓa cinye mini hotuna ba sallama. Da dare, bayan yara sun yi barci, na sa abin ji a kunne na saurara tun daga farko har ƙarshe ba tare da na rubuta ko harafi ɗaya ba. Hannuna yana ta ƙaiƙayin ɗaukar biro, na hana shi. Ga abin da hakan ya tsare ni daga gare shi.

A minti na 12 Farfesa ya ce, da murya mai ƙarfi har da buga tebur, "Manufa ta huɗu ba ta da wurin zama a nan. Cire ta." Manufar ita ce gano matsalolin da ke hana manoma amfani da buhun. Da ina rubutu a lokacin, da na rubuta "cire manufa ta 4", na ja layi biyu a ƙarƙashi, don ita ce magana mafi kaifi a zaman gaba ɗaya, ita ce ma kaɗai ta zauna mini a kai lokacin da nake saukowa daga matakala. Amma a minti na 47, ana tsakiyar maganar babi na biyar, Dakta ta ce a hankali, "Farfesa, in ta cire ta huɗun, shawarwarinta uku ba su da tushe, daga nan ta samo su." Aka yi shiru, ana jin ƙarar fanka da juyin takarda. Sai ya ce, "Haka ne fa. To, bar ta, amma ta dawo ta uku, ita kuma ta ukun ta koma ƙarshe." Shi ke nan, daƙiƙa ashirin ba ta cika ba, kuma ba wanda ya ce "mun janye maganar ɗazu". Zaman duba kundi ba karatun umarni ba ne, mutane ne ke tunani a bayyane, kuma hukuncin da ya tsaya shi ne na ƙarshe, ko da shi ne aka faɗa ƙasa-ƙasa. Wanda ya bi muryar yana kwashewa jimla bayan jimla, zai tashi da umarni biyu masu karo da juna, kuma mai ƙarfin ne zai ɗauka.

Kashegari da dare na shiga saurare na biyu, wanda shi ne mai cin rai. Na buɗe muryar a VLC, na rage gudunta da maɓallin `[` har ta koma kamar kashi uku cikin huɗu, in magana ta wuce ni kuma in danna `Shift` da kibiyar hagu ta koma baya daƙiƙa uku. Kundin mai jan biro yana buɗe a gefe. Ban yi niyyar kwafe kowace kalma ba. Na gwada haka da minti biyar na farko, ya ci mini kusan rabin awa, kuma abin da na samu gaisuwa ce da labarin cunkoson hanya. Sai na sauya: duk inda aka ambaci wani abu da ya shafi aikina, in tsayar, in rubuta mintin, in rubuta wanda ya faɗa, in rubuta abin da ya ce da kalmominsa, ba da nawa ba. Wannan na ƙarshe na riƙe shi da gaske. In na fassara magana tun a wannan mataki, abin da nake so in ji zan rubuta, kuma kowane ɗalibi gyara mai sauƙi yake so ya ji.

A nan na gane babbar nakasar murya: ba ta ganin yatsa. A minti na 21 Farfesa yana cewa, "Wannan da wannan ba su haɗu ba, kuma dukkansu ba su haɗu da wancan na baya ba." A ofis na ga inda yake nunawa, na ce to. Bayan kwana ɗaya, ƙarfe sha ɗaya na dare, "wannan" ya zama ba kowa. Sai da na koma aikin 'yan sanda. Kafin jimlar an ambaci shekarun manoma, wato muna wajen jadawali na 4.1 a shafi na 61. Daga nan na ƙirga ƙarar juya takarda a muryar, sau bakwai, na juya nawa sau bakwai, na faɗa shafi na 68. Can ƙasan jadawali na 4.6 na ga wani ɗan ɗigon jan biro kusa da jimillar, irin wanda mutum ke yi in ya dangwala bakin biro yana magana. Na koma shafi na 61, ga irinsa. Jimillar jadawalin farko 281, ta biyun 274. "Wancan na baya" kuma babi na uku ne, inda na fitar da yawan manoman da zan tambaya da ƙa'idar Yamane ta 1967, daga jerin manoma 1,200:

```
n = N / (1 + N × e²)
n = 1200 / (1 + 1200 × 0.05²) = 300
```

Duka alƙaluman uku gaskiya ne, ni ce ban ba da labarinsu ba. Takardun tambayoyi 300 na raba, 281 suka dawo, na watsar da 7 saboda an bar rabinsu ba cikewa, 274 suka shiga lissafi. Jadawali na 4.1 na yi shi ne tun kafin in tace, na manta ban sake shi ba. Don haka jimlar Farfesa guda ɗaya ta haifi gyara biyu daban: in sake jadawali na 4.1 da manoma 274, sannan in ƙara ɗan sakin layi a farkon babi na huɗu da zai nuna an raba kaza, kaza sun dawo, an yi aiki da kaza, wato kashi 91 cikin 100 na abin da aka raba. Gano wannan kaɗai ya ci mini minti arba'in. Tun daga ranar, in malami ya nuna wuri a zama, nakan ce da ƙarfi, "Shafi na 68, jadawali na 4.6 ke nan, ranka ya daɗe?" Shi yana ɗauka ladabi ne da natsuwa, ni kuwa da wayata nake magana.

Akwai wurin da na tsallake da gangan. Wajen minti na 30 wayar Farfesa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya yi maganar gida ta minti huɗu, bayan ya ajiye kuma shi da Dakta suka ɗan taɓa zancen wani ɗalibi da ba ni ba. Ban rubuta komai daga nan ba, kuma da na gama aikin na yanke wurin daga muryar. Izinin da aka ba ni na aikina ne.

Da na kai ƙarshe ina da layi 41 a shafi biyar na littafin rubutu. In da wannan na tura wa malamaina a matsayin taƙaitawa, da na mayar musu da hirarsu ne kawai a rubuce. Aikin gaske a dare na uku ya fara, lokacin da na zauna rarrabe wanne ne umarni, wanne ne shawara da zan iya ɗauka ko in bari, wanne ne hira, wanne ne kuma ban fahimta ba.

A nan sanin halin malaminka ya fi kowace dabara. Farfesa mutumin da ne, mai kunya da kawaici, ba ya cewa ɗaliba matar aure "yi kaza" sai ransa ya ɓaci. In ya ce, "Da ni ne, da na ɗan sake duba wannan," to umarni ne cikakke, kuma in ka dawo ba ka yi ba za ka ga sauyin fuska. In kuwa ya ɗaga murya ya ce, "Dole ne a yi irin wannan bincike a kan masara da gyaɗa ma, dole!" to ba da ni yake ba, da duniya yake. Dakta akasin haka take. In ta ce "ki yi", ki yi. In ta ce "za ki iya", to da gaske zaɓi ta ba ki. Ƙarfin murya bai taimake ni da komai ba. Abin da ya taimake ni tambayoyi biyu ne da na riƙa yi wa kowane layi: shin maganar ta taɓa wani takamaiman wuri a kundina? Kuma in na yi aikin, zan iya nuna shafi in ce ga shi an yi? Maganar masara da gyaɗa ta faɗi a duka biyun, sai dai ban jefar da ita ba, na mayar da ita layi ɗaya a sashen shawarwari ga masu bincike na gaba. "Da ni ne" kuwa, a kan bitar ayyukan da suka gabata ya faɗe ta, inda ya ga mafi yawan abin da na kawo ya haura shekara goma. Wannan ta shiga jerin dole.

Amma "sabunta babi na biyu" ba gyara ba ne, fata ne. Ba ranar da zan iya cewa na gama shi. Sai da na sake sauraron wurin sau uku na tsinci abin da ya sa ya faɗa: sashe na 2.4 yake kallo, mai maganar abubuwan da ke sa manoma karɓar sabuwar fasaha, ya kuma ce "ko biyar ko shida na kusa-kusan nan". Sai layin ya zama: shafi na 24 zuwa 29, sashe na 2.4, ƙara ayyuka aƙalla shida da aka buga cikin shekaru biyar da suka wuce a kan ajiyar hatsi a buhun da ba ya shan iska, a kuma shigar da su manazarta. Farfesa, minti na 16. Kowane layi haka na gina shi, da wuri, da abin da ya lalace, da abin da za a yi, da wanda ya faɗa, da minti. Mintin ba don ado ba ne. Ranar da shakka ta taso, ba sai na sake sauraron awa guda ba.

Layin da ya fi kowanne nauyi a zaman kuwa, daƙiƙa goma ya ɗauka, kuma saura kaɗan in sa shi cikin ƙananan gyare-gyare. A minti na 38 Dakta ta ce, "Fassararki ta `B` ba daidai ba ce, ginshiƙin ƙarshe za ki duba." Ba ta ƙara komai ba, Farfesa ya wuce zuwa wani abu. Na buɗe jadawali na 4.9, sakamakon lissafin da SPSS, manhajar nazarin alƙaluma, ya fitar na wanda ya karɓi buhu da wanda bai karɓa ba. A layin ziyarar malamin gona, `B` ya nuna 0.69, ni kuma na rubuta cewa ziyarar tana ƙara yiwuwar karɓar buhu da kashi 69 cikin 100. Ba haka ba ne ko kusa. A irin wannan lissafi `B` ba kaso ba ne. Ginshiƙin `Exp(B)` shi ne mai fassaruwa, kuma a wannan layi 1.99 ne, wato rinjayen karɓa a kan ƙin karɓa yana ninkawa kusan sau biyu ga wanda malamin gona ke ziyarta. In a cikin waɗanda ba a ziyarta ana samun mai karɓa ɗaya a kan masu ƙi biyu, a cikin waɗanda ake ziyarta za a samu biyu a kan biyu. Wato daga ɗaya cikin uku zuwa rabi, wanda ya yi nesa da abin da na rubuta.

Na zauna ina kallon shafin, gabana yana faɗuwa, don ba a layi ɗaya na yi kuskuren ba. Abubuwa tara ne a jadawalin, kowanne na ba shi sakin layinsa, kuma duka da fassara iri ɗaya. Daga can kuskuren ya gangara babi na biyar, ya shiga taƙaitawar sakamako, ya kuma zauna daram a tsakure, shafin da mai jarrabawa daga waje zai fara karantawa. Babu wanda ya ambaci babi na biyar ko tsakure a kan wannan batu a cikin muryar. Malamai sun nuna inda ruwa ke shiga, bin sawun inda ya jiƙa aikin ɗalibi ne. Don haka na ƙara wani abu a ƙarƙashin kowane babban gyara: wuraren da zai taɓa. Sauya jerin manufofi ma haka ya yi. Da ta huɗu ta koma ta uku, sai tambayoyin bincike su bi ta, jerin sassan babi na huɗu ya bi, lambobin jadawali su sauya, ƙumshiya ma ta sauya.

Daga nan ne na fahimci cewa jerin da zan yi aiki da shi ba zai bi yadda aka yi maganar ba, ba kuma zai bi lambar shafi ba. A minti na 41 Dakta ta ce girman gona da yawan buhunan da manomi ya girba abu ɗaya suke aunawa, in duba `VIF`, ma'aunin da ke nuna irin wannan maimaici, in ya haura 10 in cire ɗaya. Ta ma tuna mini cewa SPSS ba ya ba da shi a wurin da na yi lissafin, sai na bi ta `Linear Regression` na zaɓi `Collinearity diagnostics`. Na duba a daren, duka biyun sun haura. To in na cire ɗaya na sake lissafi, kowane `B` da kowane `Exp(B)` a jadawalin zai motsa. Da na bi tsarin muryar, da na kwashe kwana uku ina gyara fassarar minti na 38, sannan in zo minti na 41 in rushe ta da hannuna. Sai na jera su yadda ɗaya ke jiran ɗaya: tace bayanai a tabbatar 274 ne ko'ina, cire abu ɗaya a sake lissafi, sabon jadawali, sabuwar fassara, babi na biyar, tsakure a can ƙarshe. Gyaran waƙafi, kuskuren dab'i da tsarin manazarta, waɗanda Farfesa ya zagaye da jan biro a wurare fiye da ashirin amma bai ambace su da baki ba, na dunƙule su a layi ɗaya na ajiye su ƙasa. Ba amfanin goge sakin layin da za a sake rubutawa.

Layi 41 suka koma gyara 16, manya biyar, sauran matsakaita da ƙanana. Sai shawarwari uku da na rubuta abin da na yanke a kansu, da tambayoyi biyu da na kasa warwarewa.

Sashen abin da za a yi gaba ya fi gajarta amma ya fi santsi, don a ƙarshen zama kowa ya gaji, maganar ta zama ta tsaitsaye, ana jan kujera ana neman makulli. Farfesa ya ce, "Ki kawo nan da sati biyu." Dakta ta ce, "Ni fa ba na nan mako mai zuwa da na bayansa." Ba wanda ya haɗa maganganun biyu. Sati biyu daga yaushe, a kawo wa wa, duka kundin ko babi na huɗu? Na ɗauki kalanda na fara daga baya, daga ranar da sashe ke rufe karɓar sunayen masu kare kundi, na cire kwanakin da za a duba aikin a na'urar gano satar fasaha, na cire na ɗaurin kwafi, na cire sati biyu na karatun malamai. Abin da ya rage mini kwana 19 ne. A ciki na tsara cewa sabon jadawali na 4.9 shi kaɗai zan tura wa Dakta ta imel cikin kwana huɗu, ta duba daga inda take, don kada in gina fassara a kan lissafin da ba ta amince da shi ba.

Akwai kuma alkawuran da su suka ɗauka. A minti na 17 Farfesa ya ce zai ba ni wata maƙala da ke cikin durowarsa. Dakta ta ce za ta sa hannu a takardar rahoton ci gaban aiki kafin ta tafi. Ɗalibi yakan ji nauyin rubuta wa malami aikin da ke kansa, ni ma na goge layin sau biyu. Daga baya na samo yadda zan faɗa ba tare da na zama mai aiken na gaba da ni ba: "Zan zo ranar Litinin in karɓi maƙalar da Farfesa ya ambata." Aikin ya dawo kaina a rubuce, amma an tuna masa.

Ranar Asabar da safe na buga komai a shafi biyu, na tura musu su biyu a saƙo ɗaya, ba kowa da nasa ba. A sama na rubuta: "Assalamu alaikum. Ga abin da na fahimta daga zamanmu na ranar Laraba. In akwai inda na kauce, ina roƙon a gyara mini kafin in fara aiki." A layin manufa ta huɗu ban kawo tarihin cewa an ce a cire sannan aka fasa ba, don ba wanda yake son a nuna masa a rubuce cewa ya sauya magana. Matsayar ƙarshe kawai na rubuta. Tambayoyina biyu na sa su a ƙarshe yadda za a amsa da e ko a'a, saboda na san ba mai lokacin rubuta mini sakin layi.

Dakta ta amsa kafin la'asar, layi uku. Ta amince da duka sai lamba ta 11, inda na rubuta "cire jadawalin farashin buhu a kasuwanni". Ta ce, "Ban ce ki cire ba, cewa na yi ki mayar da shi rataye." Na koma minti na 52 na saurara. Daidai wurin fanka ta kaɗa wata takarda a kan wayar, abin da ake ji shi ne "ki ... da shi", ni kuma na cike gurbin da "fitar". Ban sa alamar shakka ba, don a lokacin ban ji ina shakka ba. Jadawalin nan sai da na yi sawu uku zuwa Dawanau kafin in haɗa shi.

Farfesa bai amsa saƙon ba, kuma ban yi tsammanin zai amsa ba. Ranar Litinin na je da shafukan a buge. Ya karanta a tsaye, yana bin layi da gindin biro. A lamba ta 3 ya tsaya ya ce, "Shida na ce?" Na ce, "Biyar ko shida, ranka ya daɗe, sai na ɗauki shida." Ya ce, "Mayar da shi takwas." Ya soke, ya rubuta 8 a gefe, ya amsa tambayoyina biyu da baki na rubuta a gabansa, sannan ya sa hannu da kwanan wata a ƙasan shafi na biyu. Maƙalar kuwa ya buɗe durowa uku bai gan ta ba, ya ce in dawo Alhamis. Na ɗauki hoton takardar na tura wa Dakta, na liƙa asalin a bangon da ke saman teburina, a daren na cire yawan buhunan da aka girba daga lissafin, na sake danna `OK`.